Kundin aiki: kwayayen LED da ke ƙiftawa a wani masauki a Garuwa

Litinin, 3 ga Fabrairu

Gidan masaukin baƙi ne mai bene ɗaya. A watan jiya aka cire tsofaffin kwayayen fitila aka sa LED don rage kuɗin kuran, wato wutar lantarki, aka bar makunnan rage haske yadda suke. Su ne masu aikin wuta a nan ke ce wa bariyata. Alhaji mai gidan ya ce tun ranar da aka canza, wutar falo ke rawa kamar aci-balbal a iska, kuma har ya mayar wa mai shago kwali ɗaya yana zaton jabu aka ba shi.

Layi uku ne ke da matsala, kuma kowanne da irin ƙiftawarsa. Wannan muka fara rubutawa kafin mu taɓa sukudireba, domin irin ƙiftawar ita ke nuna inda cutar take.

A falo akwai sipo 6, wato ƙananan fitilu da aka dasa a cikin silin, masu gindin GU10. Da halojin ne mai wat 50 kowanne, yanzu LED mai wat 5. Idan bariyata tana ƙarshen sama haske lafiya lau. Ana murɗa ta ƙasa da rabi sai su fara karkarwa ba tsari, duka shida a tare, ga wata ƙara siririya daga makunnin kamar ta sauro.

A ɗakin cin abinci fitila ce mai rassa 8, gindin E14. Nan ba tare suke yi ba: biyar na raguwa sumul, uku kuma suna tsaye a cikakken haske har a kai wani wuri, sannan su shiga kunnuwa da mutuwa.

A ɗakin kwana na sama kwai 2 ne masu wat 7. Su sai an kashe su suke aikinsu. Cikin duhu, kowane 'yan daƙiƙu sai su yi wal su mutu.

Mun kashe disjontar, makunnin da ke yanke wutar layi daga allo, muka tabbatar da gwaji cewa ba wuta, muka ciro bariyatar falo. A bayanta an rubuta 60–400 W, da alamar RL. Ta ɗakin cin abinci ma haka. Ƙarfin wuta da ƙarfe sha ɗaya na safe bolt 223.

Talata, 4 ga Fabrairu

Yau falo kaɗai muka yi, kuma dole a tsaya a yi bayani, don duk abin da za a saya nan gaba a kan wannan yake.

Bariyata ba ta rage wuta irin yadda ake rage famfo. Yankan ta take yi. Kuran da muke amfani da shi yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wato yana hawa ya sauka zuwa sifili sau 100, kowane rabin zagaye na ɗaukar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Bariyata mai alamar RL tana da wani ɗan ƙarfe a ciki da ake kira tirayak. A farkon kowane rabin zagaye tirayak yana rufe. Sai ya jira ɗan lokaci, ya buɗe, wuta ta wuce har zuwa sifili na gaba. Murɗa makunni ƙasa na nufin ƙara masa lokacin jira. Shi ya sa ake ce mata mai yankan gaba.

Halin tirayak shi ne, da zarar ya buɗe ba wanda ke riƙe shi sai wutar da ke bi ta cikinsa. Idan ta ragu ƙasa da wani mizani, wanda a irin waɗannan makunnai bai wuce 'yan gomomin miliamfa ba, sai ya rufe da kansa tun lokaci bai yi ba. Kamar ƙofa ce mai sifirin: muddin mutane na wucewa a jere tana buɗe, aka samu giɓi ta koma ta rufe. Lambar 60 da ke bayan makunnin ke nan. Mai ƙera shi yana cewa, kada ka ɗora mini ƙasa da wat 60.

To ga lissafin falo. Halojin shida wat 300 ne, a bolt 220 suna jan kusan amfa 1.4, tirayak na cikin wadata. LED shida wat 30 ne, kusan miliamfa 136 a cikakken haske, rabin abin da makunnin ya ce shi ne mafi ƙanƙanta. Idan aka rage haske zuwa kwata sai abin ya faɗo daidai bakin mizanin nan.

Ba nan kaɗai ba. Kwan halojin waya ce mai zafi, tana shan wuta bi-da-bi gwargwadon ƙarfin da aka ba ta, kuma ko an yanke mata na ɗan ƙiftawar ido ba ta huce ba balle a gani. LED kuwa a gindinsa akwai ƙaramin allo, direba, mai juya wutar gida zuwa wadda kwan ke so, da kwandansa mai tara ta. Kwandansa ba ya sha a hankali. Lokacin da tirayak ya buɗe a tsakiyar zagaye, ƙarfin wuta na iya tashi daga sifili zuwa kusan bolt 311 farat ɗaya. Kwandansa ya kwankwaɗa da ƙarfi, ya cika, ya daina sha. Wutar da ke bi ta tirayak ta faɗi, ya rufe. Wani zagayen ya daɗe a buɗe, wani ya rufe da wuri, wani ya sake buɗewa sau biyu. Abin da ido ke gani a matsayin karkarwa shi ne wannan rashin daidaito tsakanin zagaye da zagaye. Ƙarar sauron kuma daga wannan kwankwaɗar take, tana girgiza naɗin wayar da ke cikin makunnin.

Magana ce mai daɗin ji, amma sai an gwada. Gwajin mai arha ne: mun ɗauko tsohon ampul mai waya na wat 40, muka haɗa shi a gefen sipo na farko, waya ɗaya a kan wadda ta fito daga bariyata, ɗaya a kan nutur, wayar da wuta ke komawa ta kanta. Nauyin layi ya zama wat 70. Muka murɗa ƙasa har kusan ƙarshe, sipo shida suka bi a natse. Muka kwance ampul ɗin, rawa ta dawo nan take. Sau uku muka maimaita. Kwayayen da Alhaji ya zarga ba su da laifi.

Yaron da ke riƙe mana tsani ya ce, "Maigida, to a bar shi a cikin silin mana, tunda ya yi magani." Ba za a bar shi ba. Ampul mai zafi a cikin silin na katako, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, neman gobara ne, kuma shi kaɗai ya fi sipo shidan cin wuta. Kayan gwaji ne, ya koma jaka.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ɗakin cin abinci bai ci minti ashirin ba. Mun sauke kwayayen takwas muka karanta jikinsu. Biyar an rubuta dimmable, wato masu karɓar ragin haske. Uku na wani kamfani ne daban, babu wannan kalma, kuma a kwalinsu da muka samu a sito akwai hoton makunni mai murɗawa da aka ja wa gicciye. Direban irin waɗannan an yi shi ne ya riƙe haske ɗaya ko wuta ta yi sama ko ta yi ƙasa. Idan bariyata ta yanke masa sai ya ƙara ja don ya cike, har abin ya fi ƙarfinsa ya mutu, ya tara, ya sake tashi. Babu bariyatar da za ta gyara wannan, ko ta nawa ce, kuma barin su a kai yana gajarta ran kwan da na makunnin.

Za mu canza duka takwas ɗin, ba ukun kaɗai ba. Ko a cikin masu karɓar ragi, na kamfani biyu ba sa sauka tare: wani ya mutu a kashi 20 cikin ɗari, wani yana nan har 10. A fitila ɗaya da ke rataye a kan tebur wannan bambanci yana da muni ƙwarai. Layi ɗaya, kwai iri ɗaya, daga kwali ɗaya in da hali, tare da guda biyu na ajiya, don bayan shekara da wuya a sake samun irinsu a kasuwa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ranar sayayya. Abin da muka nema bariyata ce mai yankan baya, mai alamar RC. Ita ba tirayak take amfani da shi ba, wani taransista ne da ake kira mosfet, wanda ake buɗewa kuma a rufe shi lokacin da aka ga dama, ba ya buƙatar wuta mai yawa ta riƙe shi. Tana buɗewa tun daga sifili, ƙarfin wuta ya hau a hankali yadda ya saba, kwandansa ya sha ba tare da kwankwaɗa ba, sannan ta datse a ƙarshe. Babu tsalle daga sifili zuwa bolt ɗari uku, saboda haka babu ƙara, kuma mafi ƙanƙantar nauyinta kan sauko zuwa 'yan wat kaɗan.

A kasuwa yawancin abin da ke kan kanta tsoffin RL ne, wasu ma na fanka ne aka jera tare da na fitila saboda kamarsu ɗaya. Na fanka ba ya aikin fitila. Kalmar LED da aka buga a gaban kwali da manyan haruffa kuma ba hujja ba ce. Abin da muke karantawa a baya yake, kuma lambobi biyu ne.

Ta farko, mafi ƙanƙantar nauyi. Dole ta zama ƙasa da jimillar kwayayen layin, kuma da rata mai kyau. Ta biyu, mafi girman nauyi na LED, wanda daban yake da na halojin. Wadda muka ɗauka an rubuta mata 3–100 W a layin LED, 300 W a layin halojin. Mutane da yawa kan ga 300 su ce to kwai sittin masu wat 5 ke nan. Ba haka ba ne. Duk lokacin da aka kunna, kwandansan kowane kwai na jan wuta mai ninkin abin da yake ci a zaune sau da yawa na ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma wannan bugun shi ke ƙona makunni, ba wat ɗin da ke rubuce a jikin kwai ba. Idan kwali bai ware lambar LED ba, ƙa'idar masu aiki ita ce a raba babbar lambar gida goma: mai wat 400 kada ta ɗauki LED fiye da wat 40. Lura da inda wannan ya bar tsohuwar bariyatar falo. Tana son aƙalla 60, ba ta jure fiye da 40 na LED. Babu adadin kwai da zai dace da ita.

Sharaɗi na uku da ba mu sassauta a kai ba shi ne ɗan sukurun saiti mai alamar MIN a ƙarƙashin murfi. Wadda ba ta da shi mun ajiye ta ko da lambobinta sun yi kyau.

Gargaɗi ɗaya ga wanda zai kwaikwayi wannan a wani gida. Idan sipo ɗinsa na bolt 12 ne masu taransifoma, ya leƙa silin tukuna. Taransifoma mai nauyi ta ƙarfe da naɗin waya ba a sa mata RC, domin datse wuta kwatsam a kan naɗi yana haifar da bugu mai kashe makunnin. Ita mai harafin L a alamarta take so, wato RL. Mara nauyi ta zamani yawanci mai harafin C take so, wato RC, kuma ita ma da nata mafi ƙanƙantar nauyin. Akwai masu alamar RLC da ke iya duka biyun, amma ba a haɗa L da C a layi ɗaya. Nan gidan GU10 ne, kai tsaye a kan 220, don haka mun tsira daga wannan.

Guda ɗaya muka saya tukuna, da sharaɗin mayarwa. Ko alama ta dace, akwai direban da ba ya jituwa da wata bariyata, kuma ba a sanin haka sai an haɗa su.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mun ɗaura ta a falo da hantsi. Waya biyu ne kamar tsohuwar: faz, wato waya mai wuta, a kan wurin da aka rubuta L a bayan makunnin, wadda ke tafiya fitila a kan alamar igiya mai kibiya. Ƙara ta tafi, karkarwa ta tafi daga sama har kusan ƙasa. A can ƙarshen murɗi ne sipo biyu suka fara lumshewa suna buɗewa. Wannan aikin MIN ne.

Yadda ake saita shi: a kai makunni ƙarshen ƙasa, a juya sukurun har fitilu su fara rawa ko ɗaya ta mutu, sannan a dawo da shi sannu a hankali har duka shida su tsaya cak, a ƙara ɗan kaɗan. Daga nan a kashe, a ƙirga daƙiƙa talatin don kwandansa ya zube, a kunna ba tare da an taɓa murɗin ba. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa. Kwan LED yana buƙatar wuta fiye wajen tashi daga sanyi a kan wadda ke riƙe shi yana ci. Mu ma a karon farko huɗu suka tashi, biyu suka ƙi sai da aka murɗa sama. Muka ƙara sukurun kaɗan, shida suka tashi tare.

Sai muka ɗauki hoto mai motsi da waya a saitin tafiyar hawainiya, muka haska farin bango. Akwai 'yan layuka masu duhu-duhu da ke gangarawa a jere, tazara ɗaya. Wannan bugun sau 100 ne a daƙiƙa, daga direban kwan yake, ido ba ya kama shi kai tsaye, kuma canza bariyata ba ya kawar da shi. A waɗannan kwayayen mai laushi ne, mun karɓa. Abin da muke tsoro shi ne haske ya yi tsalle ba tsari, kuma babu shi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Maigadi ya kira bayan isha'i, rawa ta dawo a ƙasan murɗi. Muka je da mita: bolt 198. Da magariba unguwa duka ta kunna fitilu da fankoki, wuta ta sauka, kuma saitin da muka yi a kan 223 da safe ya zama ƙasa da abin da direbobin ke iya rayuwa a kai. Bariyata kaso take yanka daga abin da ya zo mata, in abin da ya zo ya ragu, rabon kwai ya ragu da shi. Kuskurenmu ne na lokaci. A nan take muka sake saitin, da kilim ɗin falo, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kunne, muka jira kwamfuresa ta tashi sau biyu muna kallon silin. Ɗan nutso guda lokacin tashinta, sannan shiru. Wannan nutson na wayar gidan ne, fitila da kilim suna kan reshe ɗaya daga allon disjontar, kuma mun rubuta wa Alhaji cewa raba su aiki ne na daban.

An ɗan yi asarar duhu: mafi ƙanƙantar hasken yanzu ya fi na jiya haske. Gara haka. Daga yau duk MIN na gidan nan da dare za a saita shi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An kawo sauran bariyata biyu da kwayaye goma na E14 masu wat 4. Takwas a fitila, wat 32, cikin iyaka. Ɗakin cin abinci ya gama.

Ɗakin kwana ne ya riƙe mu. Ƙiftawar bayan an kashe ba ta da alaƙa da tirayak. Wata 'yar wuta ce ke silalowa ko da makunni na kashe, ta taru a kwandansan direba kaɗan-kaɗan kamar ɗigon famfo a kwano, in ta kai mizanin tashi kwan ya yi wal, ya zubar, a sake tarawa. Da ampul mai waya wannan ɗigon yana bi ya wuce ba wanda ya sani.

Abu biyu muka samu. Tsohon makunnin yana da ƙaramar fitilar nuna wuri a duhu, wadda ke samun wutarta ta cikin kwan da ke silin. Na biyu ya fi muni: da muka kashe makunni muka gwada soket ɗin kwan, akwai faz a kai. Wanda ya ja wayar gidan nutur ya bi da shi ta makunni, ya kai faz kai tsaye ga fitila. Ban da ƙiftawa, duk wanda ya kashe makunni ya hau canza kwai yana taɓa wuta mai rai. Mun buɗe akwatin haɗi da ke saman ƙofa, muka musanya, faz ya bi ta makunni.

Da sabuwar bariyata wal ɗin ya tsaya, amma cikin cikakken duhu akwai ɗan ja-ja a kwai ɗaya. Bariyata mai waya biyu ba ta da nutur nata, ta cikin kwan take satar wutar da ke ciyar da allonta, kuma wat 14 ba su isa su shanye wannan ba. Hanya biyu ce: a jawo nutur zuwa akwatin makunni a sa mai waya uku, wadda ita ce ta fi tsabta, ko a sa ɗan abin ɗaukar nauyi da ake sayarwa don wannan aiki, mai waya biyu, girman ɗan yatsa. Bututun bangon ya cushe, waya ta uku ba za ta shiga ba sai an fasa, don haka na biyun muka ɗauka. A wurin fitila ake haɗa shi, tsakanin wayar da ta fito daga bariyata da nutur, gefe da gefe da kwan. Ba a bayan makunni ba, inda babu nutur, kuma ba a jere da kwan ba. A sayi wanda takardar bariyatar ta ambata. Kwandansan da aka ciro daga tsohuwar rediyo ba a yi shi don ya zauna a kan 220 dare da rana ba.

Talata, 18 ga Fabrairu

An sa shi, ja-jan ya ɓace. Dare uku ke nan layukan uku suna tsaye a kan wutar gari, a bolt 196 zuwa 224 da muka auna a lokuta daban-daban. Murfin bariyatar falo ɗumi kawai yake bayan awa uku a rabin haske.

Saura gurup, wato janareta. Da aka ɗauke wuta jiya da yamma maigadi ya tayar da shi, fitilun falo suka shiga numfashi, haske na hawa yana sauka a hankali, ba irin karkarwar farko ba. Bariyata tana ƙirga lokacin yankanta ne daga inda wuta ta ratsa sifili, tana sa ran sau 100 daidai a daƙiƙa. Ƙaramin gurup da ba shi da kaya sosai injinsa na hawa yana sauka, mita ta nuna mana yana yawo tsakanin zagaye 48 da 52, wurin yankan kuma yana yawo da shi. Da muka kai murɗin ƙarshen sama numfashin ya kusa ɓacewa, da muka kunna firigo da fankoki biyu injin ya ɗan natsu, yawon ya ragu zuwa 49 da 51.

Mun gaya wa maigadi, in ana kan gurup a bar makunnan a sama. Makanike zai zo ranar Alhamis ya duba gwamnan injin, mai daidaita gudunsa, da kafireto, mu kuma za mu kasance a wurin da mita, mu sake gwada layin falo a kwata, a rabi, da cikakke, da kaya da kuma babu kaya.